Gyaran Murya a Cikin Famfo

Ni aikina gyaran famfo, kuma babu abin da ke ƙona min rai kamar a koya min aikina ta waya. 'Yar mai gidan ce ta kira ni tun farko. Tana aure a nesa, tsohuwarta kuma na zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Ta ce famfon kicin na yoyo, in je in duba. Na duba, na ce sai an yanke. Kafin in ɗaure jakata sai ga saƙon muryarta, da faɗa-faɗa.

"Malam, wane irin yankewa kuma? Mama ta kira ni tana kuka. Ka kwance shi ka ɗaure mana, ba shi ke nan ba?"

Shi ke nan, wai! Na zauna a bakin ƙofar kicin ɗin na danna wayata.

"Hajiya, ki saurara da kyau. Kan famfon nan na tagulla ne, gwiwar bututun da aka murɗa shi a ciki kuma ta ƙarfe ce. Idan ƙarafan nan biyu suka haɗu ruwa na ratsa su, ƙarfen ne ke cinyewa. Tsatsa ta cinye haƙoran murɗin, ta manne su sun zama abu ɗaya. Na zuba mai, na jira, na gwada, ko motsi. In na sa ƙarfi da sifana, bututun zai karye a cikin bango. Yoyon ma ba daga baki yake ba, balle in canja washa, 'yar robar nan da ke tare ruwa. Daga mahaɗar yake, bangon kuma yake sha. Bayan bangon nan gadon Mama yake, filastar har ta kumbura, ga soket ɗin wuta a ƙasa. Sai na fasa bangon, na bi bututun zuwa inda ƙarfen ke da lafiya, na yanke, na haɗa sabo. In akwai wata hanya, wallahi ban san ta ba."

Da na ɗago, tsohuwar na tsaye a kaina. Ban ji zuwanta ba.

"Ɗan nan, ka gama yi wa 'yata bayani? To zo ka ji nawa."

Ta ja ni gaban famfon ta murɗa shi kaɗan. Ruwan bai zo nan da nan ba. Sai da wani sauti ya fara fitowa daga cikin bangon, ƙasa-ƙasa, mai kauri: ehem, ehem. Gyaran muryar dattijo sak, irin na wanda zai shigo ɗaki yana so a san da zuwansa.

"Sannu da zuwa," in ji ta, ba da ni take ba.

Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba. Amma na dake. Na ce, "Mama, iska ce. Tsatsa ta toshe bututun, hanyar ta matse, iska na fitowa da ƙyar. Ga washa ta saki tana rawa."

"Iska ce," ta ce tana murmushi. "Shi ma haka yake cewa in na ce ya je asibiti."

Marigayin ne ya haɗa famfon da hannunsa, shekarun baya. Tela ne, amma irin mazan nan da ba sa yarda a kira mai gyara. Zaren ɗinki ya naɗa a haƙoran ya shafa fenti, ya murɗa, ya bi da siminti ya binne. Da yana raye da mun yi ta da shi. Ta ce ba a daɗe da rasuwarsa ba famfon ya soma wannan sauti, kuma tun daga nan ba ta taɓa karya kumallo ita kaɗai ba. Tana ba shi labarin jikoki. Tana yi masa mitar tsadar gawayi.

Wayar ta yi ƙara. 'Yar ce, muryarta ta yi sanyi. "Malam, ka yanke. Ba zan bar bango ya faɗo mata ba. Ba ni ita."

Sun daɗe suna magana. Abin da na ji tsohuwar ta ce kawai shi ne, "To. Tunda kun haɗa baki."

Na fita na kashe wutar gidan daga mita saboda soket ɗin nan, na kulle ruwa daga gindin tanki. Na buɗe famfon tsakar gida, wanda ya fi kowanne ƙasa, na bar bututun ya tsiyaye tas har ya daina ko ɗiga. Sannan na hau bangon da guduma. Simintin ya jiƙe, yana zubowa kamar danƙararren gari, ga warin ruma. Na tone har gwiwar ta bayyana, ta kumbura ta yi jajir. Na bi bututun kusan kamu biyu kafin na sami ƙarfe mai kyau.

Rana tsaka ce, hasken taga na kan hannuna. A waje wani na tallar kaya. Na ɗora zarto a kan bututun.

Ehem.

Na tsaya cak. Bututun nan babu ruwa a cikinsa, ni na tsiyaye shi da hannuna. Babu abin da zai tura iska, babu abin da zai kaɗa washa. Shekaruna nawa a sana'ar nan, na san kukan bututu kala-kala, kuma bututun da ba ruwa ba ya kuka. Na waiga. Tsohuwar na zaune a kujera 'yar tsugunne, bakinta a rufe, idonta a kan bangon.

"Yana so ka dakata," ta ce.

Na dakata mana. Wa zai ƙi? Na ji tsoro irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Ta taso da ƙyar, ta dafa bango, ta kai bakinta dab da bakin famfon. Ban ji duk abin da ta faɗa ba, ban kuma so in ji ba. Ƙarshen kawai na tsinta: "Yara sun ce bangon zai faɗo. Kai ma ka san ba ka iya aikin ba. Ka yi haƙuri."

Ta saurara. Ni ma na saurara, Allah ya sani. Ba abin da ya fito.

"Yanka," ta ce.

Na yanka. Zarton na zamewa, amma na yanka. Guntun ya faɗo hannuna da nauyi. Na leƙa cikinsa, tsatsa ta cike shi, 'yar hanyar da ta rage ko tsinken ashana ba zai shiga da daɗi ba. Ba komai a ciki sai wannan. Na haɗa bututun roba da mahaɗa mai matsewa, na naɗa farin tef, na ɗaura sabon kai. Na saki ruwa na duba mahaɗar da busasshen yatsa. Ko raɓa babu.

"Mama, gwada."

Ta murɗa. Ruwa ya zubo da ƙarfi, fari tas, babu wani sauti sai na ruwa. Ta rufe, ta sake buɗewa a hankali, ta karkata kunne. Ta sake. Ina tsaye riƙe da sifana kamar wanda ya yi ɓarna, alhali aiki ne mai kyau, ban taɓa yin wanda ya fi shi tsabta ba. Tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta.

Ta rufe famfon, ta goge hannu da gefen zaninta, ta koma ta zauna.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Allah ya yi albarka."

Wayata ta sake ƙara. 'Yar ce, tana tambaya ko an gama, ko Mama lafiya.

"Me zan ce mata, Mama?"

Ba ta kalle ni ba.

"Ka ce ta zo gida. Ka ce mata babanta ya rasu yau."