Jawabin Malamar Kimiyya

Da aka zo rabon aikin walimar ritayar malamin lissafi, wanda kowa a makarantar ke kira Baba, sai shugaban makaranta ya ɗora wa malamar kimiyya jawabi a madadin ƙananan malamai. Ita ce sabuwar zuwa, kuma teburinta na jikin nasa a ofishin malamai. Shugaban ya ja mata kunne cewa ta taƙaita, kada ta shiga tarihin aikinsa domin mataimakin shugaba zai karanta shi, kuma ko da wasa kada ta taɓo zancen lafiyarsa, iyalinsa ne suka roƙa.

Abin da ake ɓoyewa ta fi kowa saninsa. Tun bara Baba ya fara mantuwa. Yakan shiga aji ya maimaita darasin jiya, wata rana ya tsaya a baranda riƙe da alli bai san inda za shi ba. Ita ke raka shi ƙofar aji kamar hira ce ta kai su. Ritayar ma ba shi ya nema ba.

Ta rubuta ta yage har ta gaji. Mijinta ya saurari na farkon ya ce wannan ai ta'aziyya ce, mutum da ransa. Daga ƙarshe ta tsaya a kan gaisuwar manya bi da bi, da labari guda ɗaya, sai godiya da addu'a. Ta yi ta karantawa da ƙarfi a ɗaki har ta daina duban takardar.

Ranar taro zauren ya cika da tsofaffin ɗalibai, har wasu na tsaye a bakin taga. Lasifika sai kuwwa take yi. Kowane mai jawabi yakan ce ba zai tsawaita ba, sannan ya shimfiɗa tabarma. Baba na zaune a gaba kusa da matarsa, yana ta murza hularsa a kan gwiwa, malamar kuwa tana ganin gajiya na hawa fuskarsa.

Da aka kira ta, ta ɗan nisanta makirufo daga bakinta don kuwwar ta lafa, ta yi gaisuwa, ta shiga labarin. A makonta na farko aji ya gagare ta, yara na ihu, ita kuma kuka ya kusa ƙwace mata. Sai Baba ya shigo ya zauna a bencin baya kamar ɗalibi, ya ɗaga hannu ya nemi a sake masa bayani don bai gane ba. Ajin ya yi tsit. Bai taɓa tayar mata da zancen ba.

Mutane suna cikin dariya da tafi, Baba ya miƙe tsaye.

"'Yata, wa ake sallama ne? Wa zai tafi?"

Wasu suka ƙara dariya, sun ɗauka barkwancinsa ne na kullum. Matarsa ta kama gefen rigarsa. Shugaba ya yi wa malamar alama da ido ta wuce wurin. Amma Baba ita yake kallo, yana jiran amsa.

Ta ajiye makirufo a kan tebur, ta sauko ta durƙusa a gabansa.

"Kai ne, Baba. Kai muka taru mu yi wa godiya."

Ya juya ya dubi zauren, dariyar ta mutu. Sannan ya tambaya wa zai ƙarasa wa 'yan ajin ƙarshe darasinsu, ga jarrabawa ta matso. Ta ce an samu malami, ita ma za ta sa ido. Ya gyaɗa kai ya zauna. Ta koma ta bar sauran godiyar, ta yi addu'a a gajarce, aka shafa. Kyautar da aka tanadar masa ma matarsa ce ta karɓa.

Bayan an watse shugaba ya ce mata da ta mayar da abin wasa, da asiri ya rufu. Matar Baba kuwa ta riƙe hannunta ta ce kada ta damu, su a gida sun kasa faɗa masa zancen ritayar, sai kewaye-kewaye suke yi. Malamar ta koma gida ba ta san wanne ne daidai ba, ko abinci ta kasa ci.

Ranar Litinin da safe maigadi ya zo ya same ta a aji, ya ce Baba na bakin ƙofa da jakarsa, shi kam ba zai iya hana shi shiga ba. Ta bar wa yara aiki a allo ta fita. Baba ya yi mata fara'a, ya ba ta haƙurin makarar da ya yi. Ta karɓi jakar, ta kai shi ofishin malamai ta zaunar da shi a kujerarta, domin an riga an ba wani teburinsa. Sannan ta koma baranda ta kira ɗansa a waya.