Jikka Arba'in da Biyar na Kuɗin Rijiya

Kallamu tela ne a wani ƙauye yamma da Illela. Da aka kafa kwamitin rijiya, shi aka ba riƙon kuɗi, don ya yi aji huɗu a lakwal, makarantar boko, kuma ba a taɓa jin ya ci ƙyallen wani ba. Sharaɗin masu aikin haƙa rijiyoyi shi ne ƙauye ya zuba jikka ɗari biyu da hamsin na kuɗin sefa a banki kafin motar haƙa ta zo. Wata bakwai aka yi ana tarawa. Mata sun sayar da awaki, wasu sun fasa rumbun wake tun bai yi daraja ba. Ranar wata Laraba, ranar kasuwar Konni, Kallamu ya ɗaure kuɗin a cikinsa ya kai su bankin garin da kansa.

Bayan mako uku Rabilu, ma'aikacin masu haƙa, ya iso bisa babur da takardar da banki ya aiko mai nuna abin da ya shiga asusun ƙauyen. A gaban dattawa ya karanta ta: jikka ɗari biyu da biyar. Ya ce saura arba'in da biyar, kuma ran Juma'a da tsakar rana za a rufe jerin ƙauyukan da za a yi wa haƙa a buro, ofishinsu na Illela. Wanda bai cika ba, sai baɗi.

Kallamu ya shiga ɗaki da saurinsa ya fito da takardu biyu daga aljihun keken ɗinki. Ɗaya kwafin takardar zubi ce da ya cike da hannunsa, ɗari biyu da hamsin ɓaro-ɓaro. Ɗayar rasit ne mai hatimin banki, wanda tun da aka miƙo masa ta taga ya ninke bai sake dubawa ba. Rabilu ya buɗe shi, sannan ya juya masa shi. Ɗari biyu da biyar.

Ba wanda ya kira shi ɓarawo. Bawa, yayan matarsa kuma shugaban kwamitin, ya tambaye shi a hankali ko ya tsaya wani wuri a hanya. Kallamu ya ce ya tsaya sallah a tashar Tsarnawa, ya kwance ɗaurin don ya yi alwala. Yana faɗa ya ga yadda dattawan suka dubi juna. Da ya wuce tsohuwar rijiya da la'asar, mata suka amsa sallamarsa ba su ɗaga kai daga guga ba.

Ran Alhamis suka hau motar farko, shi da Bawa. Duk hanya Kallamu yana lissafi a zuci, yana ganin kuɗin a kan tabarma yadda suka ƙirga su, amma da ya zo kan tsayawar Tsarnawa sai lissafin ya rikice masa. Minti nawa ɗaurin ya yi a ƙasa? Wa ke bayansa?

A banki aka kai su wurin mai kula da asusu, Mushe Attahiru kamar yadda ake kiransa da Faransanci, wani mai tabarau da ba ya son dogon zance. Ya jera takardun uku a teburi, ya ɗora yatsa a kan kowace. Rasit da takardar asusu bakinsu ɗaya. Kwafin Kallamu kaɗai ya saɓa, kuma babu hatimi a kansa.

"Wagga kowa na iya ɗaukar ta bakin taga shi cike," in ji shi. "Mai hatimi ita banki ka sani. Mi ya hana ka duba tun a nan?"

Kallamu ya jawo kwafin gabansa. Ya ji Bawa ya ja numfashi a gefensa. Sai ya nuna gefen kwafin, inda akwai layukan da ake rubuta irin takardun kuɗin da aka kawo. Ya ce ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya: 'yan jikka goma guda takwas, 'yan jikka biyar guda ashirin, 'yan jikka guda hamsin da biyar, 'yan dala ɗari, wato rabin jikka, guda talatin. Ya ce matar da ke taga ta ƙirga kowane kashi, tana sa alama da jan biro a kan takardar asali ta sama, wadda ta riƙe. In ba a yar da ita ba, a ɗauko.

Attahiru ya ɗauki fensir ya haɗa: tamanin, ɗari, hamsin da biyar, sha biyar. Ɗari biyu da hamsin. Ya rubuta 250 da 205 ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ya daɗe yana kallonsu. Ya ce bambancin yana rabuwa da tara ba saura, kuma hakan yakan faru idan lambobi biyu suka yi musayar wuri. Amma bai ce komai ya tabbata ba. Ya aika a kwance ƙunshin takardun waccan Larabar.

Sa'a guda da rabi suka yi a benci. Bawa carbi kawai yake ja. Kallamu yana kallon matar taga, Madam Kubura, tana ƙirga kuɗin wani mai albasa, yana tunanin ko za ta tuna shi, da kuma abin da zai faɗa in takardar ta fito ba jan biro. Ya fara lissafin nawa keken ɗinkinsa zai yi a kasuwa.

Da aka kira su, takardar asali tana kan teburi. Alamun ja huɗu, ɗaya a kan kowane layi, da sa hannun Kubura a ƙasa kusa da ɗari biyu da hamsin. Attahiru ya buɗe littafin rufe akwati na ranar, ya sa a kira ta. Ta zo ta tsaya, ta dubi rasit ɗin, ta dafe baki. Ta ce ran nan da ta rufe ta sami rarar jikka arba'in da biyar a akwatinta. Ta sake ƙirgawa sau uku, ta gwada da kwafin rasit-rasit, duk suka yi daidai da littafi, tunda daga rasit ɗin aka shigar da kuskuren. Takardun zubin ne ba a koma kansu ba. Kuɗin suna nan a asusun jira, inda ake ajiye rarar da ba a san mai ita ba.

"Malam, ka yi mini gafara," ta ce. "Hannuna ya juya lambobin."

Kallamu ya dube ta. Kai kawai ya gyaɗa.

Attahiru ya ce ba a goge abin da ya riga ya shiga. Za a shigar da arba'in da biyar a layi na dabam, kuma sai shugaban reshe ya sa hannu, shi kuwa ya tafi Tawa, sai yamma. Suka kwana a gidan wani ɗan ƙauyensu mai sayar da taya. Ran Juma'a tun kafin a buɗe ƙofa suna tsaye bakinta. Aka ba su sabuwar takardar asusu da wasiƙa mai hatimi. Kallamu bai matsa daga taga ba sai da ya bi layukan da yatsa, ɗari biyu da biyar, arba'in da biyar, jimla ɗari biyu da hamsin, mutanen bayansa suna ta tsaki.

Motar Illela ta ɓata lokaci wajen lodin buhuna, ta sake tsayawa a shingen jandarma. Sun isa buro Rabilu yana kulle taga zai tafi masallaci. Ya karanta takardun a tsaye, ya koma ciki ya ɗauko jerin, ya rubuta sunan ƙauyen na goma sha ɗaya cikin sha biyu.

Bayan an sauko daga sallah Bawa ya sayi tsire, ya tura takardar tsiren gaban Kallamu. Ya ce shi zai yi wa dattawa bayani da bakinsa. Kallamu ya ce a'a, a tara har da mata, Rabilu ya zo ya karanta kamar yadda ya karanta ta farko. Bawa ya tashi ya bi Rabilu don ya tambaye shi ranar da zai samu zuwa.