Askin Farko a Shagon Musaddiq

"Aski ba a kai yake farawa ba, a ido yake farawa," in ji Musaddiq, ranar da kawunsa Malam Habibullahi ya ba shi jarin buɗe shago a Yalwawa.

Saboda haka ya fara da madubi mai cin rabin bango, da kujera mai juyawa, da allon suna. Abin da ya rage bai kai kuɗin sabon injin aski ba, sai ya sayi na hannu mai caji. Ya kunna, ya ji ƙara mai daɗi, ya biya. Bai gwada haƙoran a gashi ba, bai bar shi yana aiki ya ga ƙarfin batirin ba.

Ranar Juma'a da hantsi kawun ya zo sa albarka, ya cire hula ya zauna.

"Musaddiq, aski kake ko figar kaza?"

"Sabon salo ne, Kawu."

Injin ya share ɓarin dama da ƙyar, ya ɗau zafi, ya yi shiru. Babu wuta, babu inji na biyu. Madubin dai ya yi aikinsa, domin Malam ya ga ɓarnar ta kowace kusurwa.

A bakin ƙofa mutum biyu na jiran layi. Malam ya dube su, ya danna hula har kunne, ya biya kuɗin aski cif.

"Madalla da hannu," ya ce yadda za su ji.

Ranar a banɗakin gida ya yi alwala, inda ba mai ganin shafar kansa.