Katunan Babi na Uku

Na dawo Dakoro a shekarar 1955 da takardar makarantar likitan dabbobi ta Bamako, da takalmi sau-ciki mai matse mini yatsu. Aka ba ni tebur a biron kula da dabbobi, ƙarƙashin wani lokotoro Bafaranshe wanda ba ya son magana da safe. A ganina a lokacin, duk ƙasar daga Kornaka har Tagriss ba wanda ya kai ni sani. Ban faɗa wa kowa ba, amma tafiyata tana faɗa.

Mamani shi ne babban mai yi wa shanu allura a wurinmu. Shekararsa goma sha tara yana aikin, kuma abokin babana ne tun suna samari. Yana iya duban saniya daga bakin rijiya ya ce jibi za ta kwanta, ta kuma kwanta. Takarda ce kawai ba shi da ita. Ya yi allo har ya haddace rabin Alƙur'ani, sannan ya yi shekara uku a lakwal, makarantar boko, don haka yana karanta Faransanci a hankali, da yatsa a kan layi.

Wata biyu da zuwana takarda ta zo daga sama. Duk mai allurar da ba shi da shaida zai je Maradi a yi masa jarrabawa ta baki. Wanda ya ci ya zauna a aikinsa, wanda ya faɗi a sallame shi. Tambayoyin daga babi na uku na littafin aiki za a ɗauko su, babin cututtuka masu yaɗuwa, kuma mai tambaya zai riƙe littafin a buɗe a gabansa. Saura sati huɗu.

Littafin ɗaya ne a biro, ba ya fita. Mamani ya zo ya tsaya gaban teburina.

"Attaher, an ce kai ka san dabarar karatun nasara."

"Na sani, Baba."

"To ka ara mini ita. In an kore ni, matata Dela ba za ta bar ni in zauna gida da rana ba."

Dabarar ta kati ce, yadda muka yi a Bamako. Na karɓo kwalayen sukari a wurin wani mai tebur a kasuwa, na yanka su daidai tafin hannu. A fuskar kati tambaya ɗaya, a bayansa amsa, a ƙuryar ƙasa lambar shafi. Ƙa'idar guda ce, malaminmu ya sha nanata ta: tambayar taka ce, ka tsara ta yadda kake so, amma bayanin abu na mai littafi ne, ka kwafe shi kamar yadda yake. Na san ƙa'idar sarai. Na ɗauka dai an yi ta ne saboda ɗalibai marasa kai.

Kati sittin da huɗu na fitar daga babin. Mai littafin mutum ne mai son doguwar jimla. Inda ya ce, in na mayar da Hausa, cuta mai yaɗuwa ita ce wadda ke tashi daga dabba marar lafiya zuwa mai lafiya, ko kai tsaye ko ta hanyar wani abu da ke tsakaninsu, sai na ga wutsiyar ta yi tsawo. Na rubuta: wadda ke tashi daga dabba marar lafiya zuwa mai lafiya idan sun haɗu. Na ji daɗin kaina. Na ce na rage wa tsoho kaya. Haka na yi wa bayani ashirin da ɗaya, na kuma sa wa kowanne lambar shafi, kamar daga can ya fito.

Kullum bayan la'asar muna zama a ƙofar gidan Mamani. In cakuɗa katunan, in ɗaga ɗaya, ya karanta tambaya, ya amsa, in juya mu duba. Wanda ya sani ya tafi dama, wanda ya kuskure ya tafi hagu, gobe mu fara da na hagu. Dela, matarsa, ta leƙo ta gan mu.

"Malam, da tsufanka ka koma karta? Shi kuma ɗan Bamako abin da ya koyo ke nan?"

"Karatu ne, Inna," na ce.

"To Allah ya ba mai rabo sa'a. In kun ci ku tuna da ni."

Ban taɓa ganin mai hadda irin Mamani ba. Kafin ya haddace kati sai ya bi shi da yatsa sau uku, ya tambaye ni ma'anarsa da Hausa, sannan ya rufe ido yana rangaji. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, ba ya ƙara kalma, ba ya ragewa. Cikin sati biyu tulin hagu ya ƙare.

Sau ɗaya kawai ya tsaya, a kan katin cuta mai yaɗuwa.

"Idan sun haɗu, ya ce?"

"Haka ya ce."

"Wanga nasara bai taɓa zuwa rijiya ba? Garken Agali ya sha da safe, namu ya sha da yamma a kwami ɗaya, ba su ga juna ba, cutar bushiya ta kwashe mana maruƙa tara. Ina haɗuwa nan?"

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Sai na gyara zama na ce, "Baba, mutanen Faransa ne, ba su san ƙasarmu ba. Ka dai haddace yadda yake."

Ya girgiza kai, ya tausaya wa mai littafi, ya haddace.

Saura kwana shida, lokotoro ya ce a kawo Mamani ya gwada shi. Lokotoro ya zauna da littafin a buɗe, ni ina tsaye a gefe na harɗe hannuwa ina jiran yabo. Tambaya uku na farko Mamani ya zuba su kamar ruwa. Ta huɗu ita ce cuta mai yaɗuwa. Ya karanto abin da ke katina daidai, ba tuntuɓe. Sai ya ƙara da Faransancinsa na kasuwa, cikin ladabi, cewa ya faɗa yadda littafi ya ce, amma littafin ya yi kuskure, ya manta da kwamin ruwa da igiya da hannun mai allura.

Lokotoro ya ɗaga kai. Ya juyo da littafin, ya tura masa. Mamani ya sa yatsa ya bi layin, kalma bayan kalma, har ya kai wutsiyar da na yanke. Ya sake bi daga farko. Sannan ya laluba aljihu ya fiddo katin, ya ajiye shi kusa da shafin. Bai dube ni ba.

"Wa ya rubuta wannan?" in ji lokotoro.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Nawa ka gyara?"

"Ashirin da ɗaya."

"A Maradi mai tambaya ba likita ba ne, mai bin layi ne. Abin da ba ya cikin shafi, sifiri. Wannan kuwa ko ni zan ba shi sifiri, don abin da ka cire shi ne rijiyar." Ya rufe littafin ya miƙa wa Mamani. "Ka tafi da shi gida. Kai ka riƙe shi, ba yaron nan ba."

A hanya takalmina ya fi kullum matsi. Da muka kai ƙofar gida Mamani ya juyo.

"Attaher, sati biyu ina zagin bawan Allah a zuciyata, ashe yana da gaskiya."

"Na so in sauƙaƙa maka ne, Baba."

"Na ce maka ya yi mini nauyi?"

Bai ce ba.

"Mu a makarantar allo, in ka rubuta, ba ka fara hadda sai malam ya bi allon da littafi. Ni na ga lambar shafi na ɗauka an bi. Zauna."

Na zauna. Ya ware ashirin da ɗayan nan da na nuna masa, amma bai yarda da sauran ba, sai da muka bi duka sittin da huɗu. Shi yana riƙe da littafi da yatsa a kan layi, ni ina karanta bayan kati da ƙarfi. Muka sami ƙarin biyu da na manta na taɓa. Na yanka sabon kwali na sake rubutawa, yana tsaye a kaina. Inda nake ganin jimla tana buƙatar ƙarin haske, ya ce in ja layi a ƙasa in rubuta nawa da jan alƙalami, don ya san maganar wa yake ci.

Dela ta kwashe tsofaffin katunan ta hura wutar tuwo da su. Ta ce karatun Bamako yana kamawa da sauri.

Kwana biyar ɗin nan sun fi sati biyun farko wuya. Sa sabon abu a kan Mamani ba komai ba ne, cire tsohon ne aiki. Zai fara amsa daidai, sai harshensa ya zame ya bi gajeriyar hanyata, ya tsaya inda na tsaya. Ya ce, "Ga ɗan Bamako ya shigo," ya tofar, ya koma farko. Ranar da zai hau kamiyo, babbar motar Maradi, kati huɗu suna nan a hagu. Ya sa su a aljihun gaba, sauran a jaka.

Kwana huɗu na yi ina lissafa abin da zan faɗa wa babana in an kori abokinsa saboda gwanintata. Ban sami jimla mai kyau ba, gajeriya ko doguwa.

Ya dawo ran Juma'a da hantsi, ya wuce biro kai tsaye. Mutum goma sha bakwai suka zauna, aka ɗauki goma sha ɗaya, shi ne na tara. Tambaya biyar aka yi masa. Ɗaya ta faɗo a kan lokacin ɓuyar cuta, wato daga shigarta jikin dabba zuwa bayyanar alamunta na farko, ɗaya daga cikin huɗun aljihu. Ya ce bakinsa ya kama tsohuwar amsata, ya ji ta yi gajarta, ya nemi gafara, ya sake daga farko. Mai tambaya ya rage masa maki, amma ya bar shi ya kai ƙarshe.

"Da ban taɓa su ba da kai ne na ɗaya," na ce.

"Da na uku dai. Akwai wasu ƴan Tasawa biyu, aljanu ne."

Ya mayar wa lokotoro littafi. Da zai fita ya ajiye kati ɗaya a teburina, tsohon katin cuta mai yaɗuwa. Ashe ya hana Dela ƙona shi.

"Wannan naka ne," ya ce. "Ba shi da shafi a littafin kowa."

Na goge lambar da ke ƙuryarsa, na sa shi a aljihun tebur. Da yamma na aika takalmin wurin baduku ya buɗa shi.