Rabin Kitson Umaima

Wari ne ya tona asirin. Suna zaune a kan benci a ɗakin gashin ƙashi na asibiti, Kalsum na rungume da ɗanta Shafi'i, wanda ya shekara biyar bai taɓa zama da kansa ba, sai Malama Iyatu mai motsa masa gaɓoɓi ta tsaya cak, ta dubi yayarsa.

"Umaima, fito da hannunki daga hijabi."

Yarinyar ta noƙe. Da aka ɗaga hijabin, wani tsumma ya manne a damtsenta, ƙarƙashinsa ƙuna ce ta yi ruwa har ta fara ɗoyi.

Kalsum ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yaushe?"

"Ranar da nake dama masa koko," in ji Umaima, idonta a ƙasa. "Kin ce wanda ke gabanki ya ishe ki."

Kalsum ta tuna ta faɗa. Gaba ɗayansu ɗaki guda suke kwana a Agege, amma rabon da ta dubi jikin 'yarta mai shekara goma har ta manta. Umaima ce mai wankin tsummokara, ita ce mai fashin makaranta ranar asibiti don ta riƙe jaka a danfo, motar hayar da suke shiga. Kowa yana yabon hankalinta.

* * *

Bayan an wanke ciwon, Iyatu ta zaunar da Umaima kusa da ita, ta roƙi Kalsum ta saurara kawai.

"Kina jin haushin Shafi'i wani lokaci?"

Umaima ta fashe da kuka.

"Na taɓa cewa a raina da ma babu shi. Washegari farfaɗiyarsa ta tashi. Ni na jawo. Shi ya sa na ƙone."

Kalsum ta ɗaga hannu za ta kwaɗe mata baki, Iyatu ta tare.

"Saurara, Umaima. Lokacin haihuwarsa numfashi ya yi masa jinkiri, ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni. Daga nan ne sandarewar gaɓoɓinsa take, daga nan ne farfaɗiyar. Tunaninki bai taɓa shi ba, kuma ba a ɗaukar ciwon. Kina iya son ƙanenki kina kuma jin kishinsa. Ba ki zama muguwa ba."

"Idan Umma ta mutu, ni zan goya shi har in tsufa?"

"Wannan tunanin manya ne, su za su tsara. Naki karatu."

Sannan ta juya ga Kalsum, ta sassauta murya. "Maman Umaima, mai shirun nan ita ma tana ciwo. Ki ba ta lokacin da yake nata ita kaɗai, ko kaɗan ne, ranar da ta sani ba ta canjawa. Ki rage mata aikin da ya fi ƙarfinta, ki bar ta ta zaɓi wanda za ta taya ki. In ta ce ta gaji da shi, kada ki ce ta yi saɓo. Ƙarshen wata muna tara yayye da ƙannen yaranmu su yi wasa, su ga ba su kaɗai ba ne. Ki kawo ta."

"Malama, hannu biyu gare ni," in ji Kalsum. "Dangina suna Arewa. Maƙwabta ko ɗaukarsa ba sa yi. In na ajiye shi ya ƙware da yawunsa, wa zan kama?"

"Babansa fa?"

* * *

Lado, mijin Kalsum, ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. Da ya ga hannun 'yarsa, sai ya yi alkawarin duk Lahadi da la'asar Shafi'i nasa ne.

Lahadin ta zo. Umaima ta zaɓi kitso. Ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta a bakin ƙofa, ta kwantar da kai a cinyarta, tana ta zuba labarin makaranta, na wata ƙawarta Bayarbiya, na gasar karatun da ta ci tun wancan zangon. Kalsum ba ta san da ko ɗaya ba. Tana tsaga gashin tana haɗiye hawaye.

Sun ci rabin kai wayar Lado ta yi ƙara.

"Oga ne. Tirelar tumatir ta iso. In ban je ba wani zai sa a gurbina."

"Malam, ka yi alkawari."

"To mu ci me, Kalsum?"

Ya kwantar da Shafi'i a katifa ya fita yana gudun haɗa ido da kowa. Ba a jima ba yaron ya fara tari, irin mai shaƙewar nan. Kalsum ta miƙe, kibiyar kitson ta faɗi ƙasa.

Da ta gama karkata shi a gefe tana bubbuga bayansa, ta waiwaya. Umaima na tsaye a kanta riƙe da tsumman goge baki. Ta riga ta ja hijabi ta rufe kan, ɓangare guda a kwance luf, ɗayan ya yi tudu a ƙarƙashin yadin.

"Ba komai, Umma," ta ce. "Ba wanda zai gani."