Rasuwar Baba Ɗalha

Maharazu ba ya ganin kowa da gashi a makarantar kuɗin da yake koyar da lissafi a Goron Dutse, balle mai makarantar, Alhaji Mikail, wanda a wurinsa ɗan kasuwa ne kawai da ya sayi allo. Ya daɗe yana neman wani aikin a ɓoye, don Alhaji ba ya haɗa hanya da mai shirin tafiya. Abokin aikinsa Malam Hashim ma da ya sa sunan Alhaji cikin waɗanda za a tambaya shaidar aikinsa, ranar da aka bugo waya ranar aka sallame shi.

"Sakarai," in ji Maharazu.

Shi kam ai gwani ne. Bai taɓa neman aiki da kwamfutar ofis ba, bai gaya wa kowa ba a ɗakin malamai. Tsohon malaminsa na jami'a ya sa a matsayin mai shaida, ya kuma roƙi makarantar da yake son komawa kada ta tuntuɓi Alhaji sai magana ta tabbata. Kawunsa da ya riƙe shi, Baba Ɗalha na Soron Ɗinki, shi kaɗai ya sani, shi ma don addu'a.

Sai aka kira shi zagaye na biyu na intabiyu ranar Talata da safe, yana da aji. Hutun da ake ba shi ya riga ya cinye, ciwon ƙarya kuma ya yi amfani da shi a zagayen farko. Gwanin naku sai ya buga wa Alhaji waya, murya na rawa, ya ce Baba Ɗalha ya cika.

Mutumin da aka haifa a cikin badala, tsakiyar birnin Kano, wai ya manta abin da Kanawa ke yi in an yi rasuwa!

An yi intabiyu, aka ce za a neme shi. Ya dawo bayan azahar yana taƙama cikin kwat, sai ga motar makarantarsu a bakin lungu. A ƙofar gida malamai sun yi layi a kan tabarma, ga buhun shinkafar ta'aziyya a jingine, ga mamacin a tsakiya da rediyonsa, yana ba Alhaji ruwa.

"Yauwa, ga shi nan," in ji Baba Ɗalha. "Na gaya musu intabiyu ka tafi. Su kuma sun gaya mini na mutu."

Maharazu ya durƙusa. "Alhaji, wallahi..."

"Malam Maharazu, ya ƙarin haƙuri?" Alhaji ya miƙe yana kaɗe riga. "Kwana ukun zaman makokin da na ba ka suna nan. In sun cika ma, ka yi zamanka a gida."

Motar ta tashi. Baba Ɗalha bai ko dube shi ba, ya naɗe tabarmarsa.

"Ɗauki shinkafar ka shigar," ya ce. "Kai za ta yi wa amfani."