Mai Koriyar Ƙofa

A hawa na huɗu, tebur na ƙarshe kusa da injin ruwan sanyi, nan Auta ke zama. Aikinta duba abin da mutane suka wallafa a shafin zumuntar kamfanin, ta bar na bari, ta cire na cirewa. Masu manyan harsuna layi-layi ne, suna raha da musayar biskit. Ita kaɗai ce mai Hausa, har wasu sun daina wahalar riƙe sunanta, sai su ce, "Hausa ta zo?"

Ba ita ke fara ganin rubutun ba. Akwai manhajar da ke tace komai ta ba shi maki daga sifili zuwa ɗari. Mai maki da yawa ta sauke shi da kanta. Na tsakiya ta turo wa mutum. Na ƙasa ya wuce abinsa, sai in wani ya kai ƙara, kuma ko an kai, can ƙarshen layi yake jira.

Ranar Talata da hantsi ta buɗe ƙorafin wani mutum da manhajar ta sauke wa rubutu, ta kuma rufe masa shafi na kwana bakwai. Hoton wata tsohuwa ce a kujerar roba, a ƙasa ya rubuta: "Inna kin tafi kin kashe ni, wlh kin kashe ni." Maki casa'in da ɗaya. A ƙorafin ya ce, "Don Allah ku buɗe min, 'yan uwa na nema na, uwata ce ta rasu." Kwana uku ke nan yana jira. Auta ta mayar masa da rubutun da shafinsa, ta zauna tana kallon tsohuwar. Babu gurbin rubuta ta'aziyya, maɓalli biyu ne kawai.

Bayan azahar layin ya yi sauƙi, sai ta gangara ƙasa inda ƙananan maki ke taruwa. Nan ta tarar da hoton wani shagon magani mai koriyar ƙofa, lambar titi ta fito raɗau. An rubuta cewa maganin matar da ke da shagon ne ya kwantar da yaran unguwa. Sannan: "Ga shagon nan. Jama'a a daure a je a gaishe ta, kowa ya riƙo abin hannunsa." A ƙasa wani ya ce, "Za mu yi mata aski mai kyau." Wani ya ce, "Gsky ta kwana biyu ba ta yi baƙi ba."

Maki huɗu. Kwanansa biyu, an yaɗa shi sau ɗari shida da wani abu.

Nan take ta sauke shi, ta tura wa sashen gaggawa, ta miƙe ko takalmi ba ta gama sawa ba ta nufi ɗakin injiniyoyi. Wanda ke kula da manhajar dogo ne mai furfura a gefen kai, mutumin kirki, amma ko "sannu" bai sani ba. Ta fassara masa rubutun biyu. Ya karanta na biyun sau biyu.

"Gaisuwa ce fa aka ce," in ji shi.

"Ba gaisuwa ba ce. Ko yaro ɗan shekara goma ya san ba gaisuwa ba ce."

Ya juyo mata da allonsa. "Zo ki ga abin da ta koya da shi. A manyan harsuna muna da misalai miliyoyi, waɗanda mutane suka zauna suka ce wannan barazana ce, wannan wasa ne. A naku dubu bakwai ne da 'yan kai. Fiye da rabi ma inji ne ya fassaro su daga Turanci."

Ta ja kujera ta fara karantawa. Hausa ce tsaf kamar ta labaran rediyo, kowace ƙugiya a wurinta, wasu jimlolin kuma ba Bahaushen da zai furta su ko a mafarki. Ta ce ya nemo mata "kashe". Ya fito sau ɗari biyu da sittin, kusan duk a kan kisa. Ba wanda ya kashe fitila, ba wanda ya kashe ƙishirwa, ba wanda uwarsa ta mutu ta kashe shi. Ta ce ya nemo "gaishe". Sau tara, duk na mutunci.

"To ka gani," ta ce.

"Na gani. Ita ba ta san ma'ana yadda kika sani ba, abin da ta saba ganin yana tafiya tare take bi. Ga kuma rubutun mutanenku." Ya nuna "gsky". "Wannan ba ta san shi ba, sai ta daddatsa shi gutsu-gutsu. Kalma ɗaya wani ya sa ƙugiya, wani ya sa waƙafi, wani bai sa komai ba, a wurinta kamar kalmomi uku ne, kowacce da misali kaɗan."

"Amma a taro an ce tana yin daidai a tara cikin goma."

Ya ɗan sosa wuya. "Daga cikin dubu bakwai ɗin aka ware na jarrabawar. Irin abin da ta karanta aka tambaye ta."

Auta ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Ta ce to a ba ta rubutun gaske, na mutane, ita za ta yi musu alama. Ya ce zai so haka ƙwarai, sai dai ƙa'ida mutum uku ne ke duba kowace jimla, don kada fahimtar mutum ɗaya ta zama doka. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa kamar sauran biyun za su shigo.

"Ki fara," ya ce. "Zan ajiye su, in rubuta a nemo wasu."

Da yamma a motar haya yayarta ta kira. Daga bakin yayar kaɗai Auta ke jin Hausa a mako, sauran duk a allo ne.

"Autar Inna, muryarki wani iri. Ko aikin latse-latsen ne?"

"Gajiya ce, Yaya."

"Ke da ke zaune cikin sanyi? Zo ki yini da 'ya'yan nan nawa ki ga gajiya."

Ta so ta ba ta labari, amma ta sa hannu a takarda cewa abin da ta gani a allo ba ya fita daga ginin. Sai ta tambayi haƙorin ƙaramar, ko ya fito. Suka yi ta hirar haƙori har ta sauka.

Ranar Alhamis hoton shagon ya sake zuwa layinta, daga wani shafin. An fasa gilashin, kwalabe a warwatse, ƙofar ta rataye da hinji ɗaya. Ta bi bayanan ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana neman matar. Can wata ta rubuta cewa ƙanin matar ya zo ya ɗauke ta tun daren Litinin, tana lafiya, amma ta ce ba za ta dawo ba. Iyakar abin da Auta ta samu ke nan, ba ta kuma ƙara jin komai ba.

Injiniyan ya yi abin da ke hannunsa. Ya sa duk ƙarar da aka kai da Hausa ta riƙa zuwa wurinta kai tsaye, ko makin nawa ne. Layinta ya ninka uku. Maganar ƙarin ma'aikata aka ce tana gaban shugabanni.

Kullum in ta ci abincin rana a teburinta, sai ta buɗe jadawalin da ya ba ta ta yi wa jimla hamsin alama. Wasu na ba ta dariya, ta waiga ta rasa wanda za ta nuna wa. Wata rana ta ci karo da "Bari in kama ka, sai na ci ƙaniyarka." Ta daɗe a kanta. Aboki ne ko maƙiyi, ba ta iya rabewa ba. Ta rubuta "ban tabbata ba", ta bar gurbin sauran mutum biyun babu komai, ta wuce ta gaba.